Bidiyon daƙiƙa talatin da rubutunsa uku

Wata Asabar cikin hunturu wayata ta ƙi caji, sai na kai wa ɗan yayata da ke gyaran waya a wata rumfa a kasuwar Farm Centre a Kano. Na je da niyyar sayen sabuwar caja. Ya karɓi wayar ya kashe ta, ya haska bakin cajin da 'yar fitila, ya ɗauki tsinken sakace ya dinga zaƙulo wani dunƙulen ƙura da zaren aljihu, har ya tara abin da ya kai ƙwayar gero biyu a kan takarda. Ya jona tsohuwar cajata, waya ta kama. Na zaro kuɗi ya ce, "Haba Kawu." Daga nan ya ciro tasa wayar ya ce, "Wallahi wannan abin na yi bidiyonsa tun wancan satin, amma ba wanda ya kalla. Don Allah duba min, tunda rubutu aikinka ne."

Na kalli bidiyon sau biyu. Daƙiƙa 28 ne, hoton tas, hannunsa ba ya rawa, bayaninsa daidai. Rubutun da ke kewaye da bidiyon ne ya kashe shi, kuma tun ranar na lura yawancinku, ƙannena da 'ya'yana masu ɗora bidiyo a TikTok da Instagram da YouTube, ciwonku ɗaya da nasa. Kuna ɓata awa biyu a wajen ɗauka da yankewa, sannan ku rubuta abin da ya zo baki cikin minti ɗaya lokacin da yatsa ya riga ya kai kan maɓallin ɗorawa.

Ga abin da ya rubuta. A kan hoton, da manyan haruffa layi huɗu: "Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka ku daure ku kalli wannan bidiyon har ƙarshe". A kafshan, wato rubutun da ke ƙasa kusa da sunan mai shafi: "Alhamdulillah, sana'a sa'a." Sai hashtag guda tara da ya kwafo daga shafin wani mawaƙi, cikinsu akwai #fyp da #viral da #kannywood.

Na tambaye shi, "A cikin rubutun nan uku, ina kalmar waya? Ina kalmar caji?" Ya duba, ya yi dariya, ya sosa ƙeya. Bidiyo ne kacokan a kan wayar da ta ƙi caji, amma wanda wayarsa ta ƙi caji ba shi da hanyar gane cewa da shi ake.

Na yi shekaru ina rubuta kanun labarai, don haka rubutun da ke fitowa a kan hoto a daƙiƙun farko ni kanun bidiyo nake ce masa. Shi da kafshan da hashtag kowanne da wanda yake yi wa magana. Kanu na mai wucewa ne, wanda babban yatsansa ke kan gilashi yana shirin turawa sama, kuma sau da yawa bai ma ɗaga murya ba saboda yana cikin A Daidaita Sahu ko yana kwance kusa da mai barci. Kafshan na wanda ya riga ya tsaya ne yana son ƙarin bayani, da kuma wanda zai zo bayan wata uku ta hanyar bincike. Hashtag kuwa yawanci manhajar ake yi wa shi, don ta san a wane rukuni za ta ajiye bidiyon. A 2020 TikTok ta fitar da bayani a kan yadda take zaɓen abin da za ta nuna wa mutum a shafin For You, ta ambaci kafshan da sauti da hashtag cikin abubuwan da take dubawa, ta kuma ce kallon bidiyo har ƙarshe alama ce mai nauyi a wajenta. Idan ka haɗa waɗannan biyu za ka ga inda gizo ke saƙa. Rubutun ne ke taimaka wa manhaja ta zaɓi mutanen farko da za ta gwada bidiyon a kansu, su kuma mutanen nan tsayawarsu ko wucewarsu ce ke sa ta ƙara tura shi ko ta bar shi. In hashtag ya kira masu son labarin 'yan fim, kanu ya yi musu sallama, bidiyo kuma ya nuna tsinken sakace, to kowa zai wuce, manhaja kuma ta ɗauka bidiyon ne ba shi da kyau.

Na ce masa ya ajiye wayar, ya ba ni bayan wata takardar rasit. Na ce kafin mu taɓa komai ya faɗa min a jimla ɗaya wa yake nema, kuma me mutumin zai samu. Ya fara da "duk mai amfani da waya". Na ce wannan duniya ce gaba ɗaya, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan wannan: mutumin da wayarsa ta daina caji, yana shirin kashe kuɗi a kan sabuwar caja, zai ga abin da ya kamata ya duba tukuna. Wannan jimlar ba ta shiga bidiyo ko kafshan. Daga cikinta ake yanko duka ukun, kuma duk kalmar da ba ta da gurbi a cikinta a bar ta a waje.

Sai na sake tambayarsa, "In mutum ya zo rumfar nan da wannan matsalar, me yake cewa da bakinsa?" Ya ce, "Cewa suke, wayata ba ta caji, ko ta ƙi caji." To waɗannan kalmomin muka ɗauka. Ba wanda ke shigowa rumfa ya ce yana fama da matsalar shigar wutar lantarki cikin na'urar salula, kuma ba wanda zai rubuta haka a wajen bincike. Mai sana'a yana da wata dama da marubuci ba shi da ita, domin kullum masu sayayya suna faɗa masa ainihin kalmomin da ya kamata ya rubuta, shi ne dai ba ya saurare da wannan kunnen.

Kanun farko da ya rubuta shi ne "Wayarka ba ta caji? Ga sirrin da masu gyara suke ɓoyewa". Rabin farko ya yi, rabin ƙarshe na soke. Na farko dai shi ma mai gyara ne, kuma maƙwabtansa na rumfa za su gani. Na biyu, alkawari kaya ne. Wanda aka yi wa alkawarin sirri aka nuna masa ƙurar aljihu zai ji an raina masa hankali, ya wuce a tsakiyar bidiyo, gobe in ya ga fuskarka ba zai tsaya ba. Kanu bashi ne da bidiyo zai biya cikin daƙiƙa talatin, don haka kada ka ci wanda ya fi ƙarfin bidiyon. Abin da bidiyon nan ke iya biya shi ne ya hana mutum asarar kuɗin caja, kuma wannan ma ya isa ya tsayar da yatsa.

Akwai kuma wani abu da Hausa ke tilasta mana wanda mai rubutu da Turanci bai san da shi ba. Da ka ce "wayarka" ka zaɓi namiji, da ka ce "wayarki" ka zaɓi mace. Ga mai sayar da lalle ko mai ɗinkin babbar riga wannan alheri ne, domin harafi ɗaya ya ware masa mutanensa. Amma waya kowa na da ita, kuma ɗan yayata ya ce mata sun fi kawo masa irin wannan gyaran saboda wayarsu a jaka take kwana. Sai muka koma ga "a" da ba ta ware kowa. Kanun ya zama:

Waya ba ta caji? Kar a sayi caja tukuna

Kalma tara, layi biyu. Na sa shi ya karanta da ƙarfi sau biyu ina duba agogo, domin haka nake gwada kowane kanu. In karatu ɗaya ya wuce daƙiƙa uku, a rage. Kuma dole ya kasance a kan hoton tun daga bugun farko. Masu sa rubutu ya shigo da rawa, harafi bayan harafi, suna ɓata daƙiƙar da ta fi kowace tsada wajen nuna gwanintar CapCut.

Wurin da aka ajiye shi ma magana ce. Bidiyon tsaye ne, 9:16, amma ba duka fuskar ce taka ba. Ƙasa sunan shafi da kafshan da sunan sauti sun rufe, gefen dama maɓallan so da sharhi da turawa sun jeru, can sama kuma akwai rubutun manhajar. Tsohon kanunsa ya sauko har ƙasa, layinsa na huɗu ya hau kan kafshan, ba a iya karanta ko ɗaya. Sabon muka ɗora shi sama da tsakiya kaɗan, farin rubutu a kan baƙin shafe, inda ba zai rufe bakin cajin da ake son a gani ba. Wannan wurin yana da wani amfani, domin a jerin bidiyoyin da ke shafinka manhaja tana yanke sama da ƙasan hoton bango, abin da ke tsakiya ne ke tsira.

Sai abin da ke ƙarƙashin kanun. Tsohon bidiyon ya fara da fuskarsa yana gaisuwa. Muka ɗauko wurin da aka jona caja waya ta yi shiru, muka dawo da shi farko, don ido ya ga abin da rubutu ya faɗa a lokaci guda. Ya ce, "Kawu, sallamar fa? Mutane za su ce ba ni da tarbiyya." Na ce ya yi sallamarsa da baki, gajeriya, hannunsa na kan aiki, ya zarce da "in waya ba ta caji". Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ba gaisuwa gurbin kanu, domin wanda bai kunna murya ba gaisuwar kaɗai zai gani, kuma gaisuwar kowa iri ɗaya ce.

A kafshan ne muka fi daɗewa, kuma a nan ne mutane suka fi kasa gane cewa rubutun ukun tare suke aiki. Layin farko na kafshan yana bayyana a fuska lokaci ɗaya da kanu, sauran kuma a ɓoye yake sai an taɓa. Instagram tana ba ka haruffa har 2,200, amma mai kallon Reels layi ɗaya ko biyu yake gani. Saboda haka layin farko abokin zaman kanu ne, kuma hanya biyu ake ɓata shi. Wasu suna maimaita kanun kalma da kalma, sun yi asarar gurbi. Wasu kuma suna fasa ƙwan tun kafin a kalla. Ɗan yayata na biyun ya yi, ya rubuta "Ƙura ce ke toshe bakin caji, a share da tsinke." Na ce to wa zai ƙara kallon daƙiƙa 28 bayan ya karanta wannan? Kanu ya ce a dakata, kafshan ya ce ga amsa a tafi.

Abin da layin farko zai yi shi ne ya kawo abin da kanu ba shi da wurin ɗauka, wato sunan sana'ar da garin, ya kuma sake faɗin matsalar da ɗaya lafazin da mutane ke amfani da shi. Kanu ya ɗauki "ba ta caji", sai kafshan ya ɗauki "ta ƙi caji", ko da wanne mutum ya yi bincike ya same mu. Ga yadda ya fito:

Gyaran waya a Kano: abin da nake fara dubawa in waya ta ƙi caji.
A kashe wayar tukuna. Tsinken sakace kawai, ban da allura ko fil, ƙarfe na iya lalata bakin cajin.
In an share ba ta kama ba, a gwada wata caja. In duk da haka shiru, matsalar ta ciki ce, ina Farm Centre.
Wace irin waya ce ta ƙi caji? A rubuta min a sharhi.

Ku lura da layi na biyu da na uku. Nan ne mazaunin gargaɗi da iyakar maganar, abubuwan da in aka cusa su a kanu za su shaƙe shi, in kuma aka bar su gaba ɗaya wani zai soka allura a wayarsa ya zo yana zagi. Layin ƙarshe kuma buƙata ɗaya tak ya nema. Ya so ya ƙara "a yi following, a yi sharing, a danna like", kamar yadda kowa ke yi, na hana. Wanda aka aika aike huɗu a lokaci guda yakan dawo bai yi ko ɗaya ba. Tambayar irin waya kuwa tana da sauƙin amsawa, kuma amsoshin su ne za su gaya masa bidiyon da zai yi gaba.

Hashtag ba mu ɓata lokaci a kansa ba, domin in jimlar farko ta tsaya, shi da kansa yake fitowa. Guda huɗu muka sa:

#gyaranwaya #kano #farmcentre #hausatiktok

Ɗaya na sana'ar, biyu na wuri, ɗaya na masu jin harshen. Tun a 2021 Instagram da kanta ta ba masu ɗora abubuwa shawarar su tsaya a uku zuwa biyar. Kafin ka sa kowanne, taɓa shi ka ga irin bidiyoyin da ke ƙarƙashinsa. In naka zai zauna a cikinsu ba tare da ya zama bare ba, sa shi. In ka buɗe ka tarar da raye-raye da barkwanci kai kuma gyara kake koyarwa, bar musu kayansu. Shi #fyp ba ya gaya wa manhaja komai game da abin da ke cikin bidiyonka, tunda mai girki da mai wa'azi da mai kokawa duk sun sa shi.

Wajen rubuta hashtag da Hausa akwai tarko biyu da na ga sun kama mutane da yawa. Hashtag yana yankewa a duk inda ya ci karo da tazara ko alamar rubutu, kuma alamar ɗauri da ke cikin "sana'a" da "'yan" alamar rubutu ce a wajen manhaja. In ka rubuta #sana'a, abin da zai zama mahaɗi shi ne #sana, sauran ya faɗi ƙasa. Sai dai ka rubuta #sanaa. Na biyu shi ne haruffa masu lanƙwasa. A wajen manhaja #ɗinki daban, #dinki daban, kuma yawancin mutane ba su da ɗ da ƙ da ɓ a allon rubutun wayarsu, don haka da d da k da b suke bincike. Ni da na tsufa ina gyara wa mutane ƙa'idar rubutu, a nan na sassauta: a hashtag a bi yadda jama'a ke bugawa. A kanu kuwa ina nan a kan bakana, a rubuta daidai, domin "ƙura" da "kura" ba abu ɗaya ba ne, kuma ba ka son mai kallo ya karanta cewa kura ce ta shiga wayarsa. Sai dai a duba bayan an fitar da bidiyon, don wasu salon haruffa na manhajojin yanka bidiyo ba su da ƙ da ɗ, sai su bar ɗan akwati ko su sako harafin da ya bambanta da 'yan uwansa. In haka ta faru a canza salon haruffan.

Ya ce zai ɗora a YouTube ma. A can Shorts taken bidiyo ne ke fitowa a fuska, kuma ba ya wuce haruffa 100, don haka layin farko na kafshan shi ya zama take, sauran ya tafi wajen bayani. A sitatus na WhatsApp kuwa na ce ya goge hashtag ɗin duka, ba abin da suke yi a can sai cika wuri.

Bayan kwana uku na koma karɓar gilashin waya, muka buɗe alƙaluman bidiyon tare. Wannan shi ne abin da nake so ku koya, domin kowane ɗaya cikin rubutun uku yana da inda laifinsa ke bayyana. Akwai zanen da ke nuna inda mutane suke barin bidiyo. In layin ya faɗo tun a daƙiƙa ta ɗaya ko ta biyu, kanu da hoton farko ne ba su riƙe kowa ba, ko kuma an kai bidiyon ga waɗanda ba su ne aka yi dominsu ba. In ya riƙe a farko ya zube a tsakiya, kanu ya yi alkawarin da bidiyo ya yi jinkirin cikawa. In an kalla har ƙarshe amma sharhi shiru, ba kuma wanda ya tambayi inda rumfa take, a duba kafshan. Sai wurin da ke nuna ta ina masu kallo suka zo. In kason bincike babu komai bayan sati biyu, kalmomin da ka sa ba su ne mutane ke bugawa ba. In kuma masu sharhi suna tambayar abin da bai shafi bidiyon ba, ko da harshen da ba ka yi magana da shi ba, hashtag ya kai ka wata unguwa.

Nasa bidiyon bai zagaye duniya ba, kuma ban yi masa alkawarin haka ba. Layin ya riƙe har wajen daƙiƙa ta goma sha ɗaya, sannan ya yi ƙasa. Muka koma daidai wurin muka kalla, ashe nan ne ya tsaya yana bayanin ire-iren caja kafin ya ɗauki tsinken. Kanu ya ce kar a sayi caja, mutane suna jiran su ga dalili, shi kuma ya shiga wani darasi. Wannan laifin yanka ne, rubutu ba zai gyara shi ba, amma da rubutun bai tsaya a kan magana ɗaya ba da ba mu gane wurin ba. A sharhi kuma mutane sun amsa tambayar, kuma da yawansu ba ƙin caji ne ya dame su ba. Cewa suke wayar tana nuna tana caji amma ta kwana a jone ba ta cika ba.

Ya jawo wata takardar rasit ya juya bayanta, ya rubuta a sama: mutumin da wayarsa ke kwana a caji ba ta cika. Ya tsaya yana taunar bayan biro, sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, su 'ba ta cika' suke cewa, ko 'tana jan caji'?" Na ce wannan ba ni zai tambaya ba, ga mai shigowa nan da waya a hannu.